Musayar harafi da gocewar karatu a DNA: tambayoyi da amsoshi

Ina koyar da bayoloji a darasin yamma a Agege, kuma duk shekara idan muka iso babin gado tambayoyin nan ne ke dawowa. Wasu daga ɗalibai masu shirin WAEC da JAMB, wasu daga yayyensu da aka tura gwajin jinotayif kafin aure suka dawo da takardar da ba su gane ba. Na tattara su a nan. Kusan duk misalan daga ƙwayar gado ɗaya na ɗauko su, wato `HBB`, wadda ke haɗa rabin himoglobin ɗin jininmu, domin babu gidan da bai san sikila ba.

1. Mene ne kodon, kuma me ya sa kullum ake cewa uku-uku?

DNA rubutu ne da haruffa huɗu kacal: A, T, G da C. Furotin kuwa sarƙa ce ta amino asid iri 20. Abin da ke haɗa furotin a cikin jiki, ribosom, yana ɗaukar haruffa uku a lokaci guda ya fassara su zuwa amino asid ɗaya. Waɗannan haruffa ukun su ne kodon. Haruffa huɗu a gurbi uku suna ba da kodon 64. A cikinsu 61 suna nufin amino asid, ukun da suka rage kuma, `TAA` da `TAG` da `TGA`, umarni ne na a tsaya. Karatu yana farawa daga `ATG`.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne, a rubutun nan babu waƙafi, babu tazara tsakanin kodon da kodon. Ribosom bai san inda kalma ta ƙare ba, ƙirga uku kawai yake yi tun daga `ATG` har ya ci karo da kodon tsayawa. Duk sauran amsoshin da ke ƙasa daga wannan suka fito.

A nan zan riƙa rubuta haruffan DNA. Idan takardarku ta ba ku saƙon mRNA ne, wato kwafin DNA da ribosom ke karantawa, ku sa U a duk inda na sa T.

2. To mene ne bambancin musayar harafi da gocewar karatu?

Ga jimlar da nake rubutawa a allo, kowace kalma haruffa uku:

```
SUN KAI UWA HAR CAN
SUN KAI UBA HAR CAN
SUN KAI UAH ARC AN
```

A layi na biyu W ya zama B. Uwa ta koma uba, ma'ana ta canza, amma HAR da CAN suna nan yadda suke. Wannan ita ce musaya: harafi ya fita, wani ya shiga gurbinsa, yawan haruffa bai ragu ba, don haka ɓarnar ba ta wuce kodon ɗaya ba.

A layi na uku W ɗin aka cire, ba a sa komai ba. Tunda mai karatu uku-uku yake ɗiba, sai ya janyo H daga kalmar gaba ya cike gurbin, kalmar gaba ta janyo daga ta gabanta, haka har ƙarshe. Wannan ita ce gocewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa layin Keke a Agege ya san abin: ana shiga uku-uku a baya, kun jeru da 'yan gidanku daidai, sai mutum ɗaya a gaba ya fasa tafiya. Shi ke nan, kowa a bayansa da baƙo zai zauna.

3. Malam, littafina ya sa cire harafi ɗaya a ƙarƙashin musaya. Waye ya yi kuskure?

Babu. Kalmar da za ku gani a takardar jarrabawa, `point mutation`, tana nufin sauyi a wuri guda. Wasu marubuta sun taƙaita ta ga musayar harafi, wasu sun haɗa da cire harafi ɗaya ko ƙara ɗaya. Ita kuwa `frameshift` sunan sakamako ne, ba sunan girman sauyin ba. Saboda haka cire harafi ɗaya zai iya amsa sunayen biyu. Idan tambaya ta ce a kwatanta su, musaya take nufi da na farko. Ni dai na fi son ɗalibi ya faɗi abin da ya faru da haruffan tukuna, suna ya biyo baya.

4. Yaya harafi ɗaya ke kawo sikila?

Ga farkon `HBB`, da ke kan kuromosom na 11. Sarƙar da take haɗawa, beta, tana da amino asid 146. Ba a ƙirga `ATG` na farko a tsohon lissafi, domin amino asid ɗin da yake bayarwa ana yanke shi daga furotin.

```
kodon  1   2   3   4   5   6   7   8
HbA    GTG CAT CTG ACT CCT GAG GAG AAG
       Val His Leu Thr Pro Glu Glu Lys
HbS    GTG CAT CTG ACT CCT GTG GAG AAG
       Val His Leu Thr Pro Val Glu Lys
```

A kodon na 6, A na tsakiya ya zama T. Gulutamik asid ya fita, balin ya shiga. Sauran 145 ba abin da ya taɓa su, sarƙar ta cika tsawonta, ta naɗe, har tana ɗaukar oksijin lafiya lau. To ina matsalar?

Matsalar a wurin zaman take. Matsayi na 6 a fuskar furotin ta waje yake, inda yake cuɗanya da ruwa. Gulutamik asid yana da caji, ruwa abokinsa ne. Balin kuwa kamar mai yake, gudun ruwa yake yi. Idan himoglobin ya sauke oksijin, siffarsa tana ɗan canzawa, wani ɗan rami mai gudun ruwa ya bayyana a jikinsa, tsakanin amino asid na 85 da na 88. Sai balin ɗin wannan ya shige ramin na kusa da shi, na kusa ya kama na gaba, su jeru su zama dogayen zaruruwa masu tauri. Su ne ke lanƙwasa jar ƙwayar jini ta koma kamar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Linus Pauling da abokan aikinsa ne suka nuna a 1949 cewa himoglobin ɗin mai sikila daban yake, Vernon Ingram kuma a 1957 ya gano cewa amino asid ɗaya ne tak bambancin.

Irin wannan musayar, da ke sa wani amino asid a madadin wani, ita ce za ku ga an rubuta `missense`.

5. Kenan duk musayar harafi tana canza furotin?

A'a. Ku ɗauki kodon ɗin nan na 6, `GAG`. Kowane harafi daga cikin ukun zai iya komawa haruffa uku, hanyoyi tara kenan:

```
AAG Lys    GCG Ala    GAA Glu
CAG Gln    GGG Gly    GAC Asp
TAG STOP   GTG Val    GAT Asp
```

`GAA` har yanzu gulutamik asid ne. DNA ya canza, furotin bai ma sani ba. Wannan ita ce musaya ta shiru, kuma yawanci a harafi na uku take faruwa, domin kodon 61 ne ke rabon amino asid 20, dole wasu su zama 'yan gida ɗaya. A kodon na 2 na wannan ƙwayar gadon ma, wasu mutane `CAT` gare su wasu `CAC`, duk histidin ne, duk lafiyarsu ƙalau.

`TAG` kuwa tsayawa ne. Harafi ɗaya aka musanya, amma sarƙa ta katse a nan. Ana rubuta wannan `nonsense`, kuma ba a takarda kawai yake ba: a kodon na 39 na `HBB`, `CAG` yana komawa `TAG`, abin da ke kawo cutar talasimiya, wani ƙarancin jini na gado mai yawa a ƙasashen bakin Bahar Rum, musamman tsibirin Sardiniya.

Sauran bakwan duk canjin amino asid ne, amma ba nauyinsu ɗaya ba. `GCG` yana sa alanin, kuma an samu mutane da shi, ana kiran himoglobin ɗin Makassar, ba ya yin zaruruwa irin na sikila. Wuri ɗaya, harafi ɗaya, ga `GTG` yana kwantar da yaro asibiti, ga `GCG` mai shi bai san yana da shi ba.

6. Takardata ta nuna AC. C ɗin nan wani irin sikila ne?

Maƙwabcin sikila ne, ba sikila ba. Kodon ɗaya suke, amma shi harafin farko ya taɓa: `GAG` ya zama `AAG`, laisin ya maye gurbin gulutamik asid. Laisin ba ya gudun ruwa, don haka babu zaruruwa, sai dai himoglobin C yana da halin daskarewa ya busar da ƙwayar jini. Mai AC lafiyayye ne, mai CC yakan samu ƙarancin jini mara tsanani. Inda ake taka-tsantsan shi ne haɗuwar S da C: SC cutar sikila ce, ko da yake sau da yawa ta fi SS sauƙi, kuma takan taɓa ido.

Mutanenmu da suka taso a Arewa ba su cika jin C ba sai sun zo nan. Ya fi yawa a kudu maso yammacin Najeriya, da arewacin Gana da Burkina Faso, shi ya sa a Legas za ka riƙa cin karo da shi.

7. Idan wancan A na sikila cire shi aka yi, ba musanyawa ba, me zai faru?

Wannan tambayar wata ɗaliba ce ta yi mini ita, kuma na ji daɗinta, domin abin da ta tambaya yana nan a cikin mutane. Na ba ta alli na ce ta fito. Ga abin da ta fara rubutawa, kodon na 5 zuwa na 19, lafiyayye:

```
5   6   7   8   9   10  11  12  13  14  15  16  17  18  19
CCT GAG GAG AAG TCT GCC GTT ACT GCC CTG TGG GGC AAG GTG AAC
Pro Glu Glu Lys Ser Ala Val Thr Ala Leu Trp Gly Lys Val Asn
```

Ta goge A na kodon 6 da yatsa, sai `GG` ya rage. Ta tsaya tana kallona. Na ce, "Ribosom ba ya jiran kowa, ki ba shi na uku." Ta janyo G daga kodon na 7, ya zama `GGG`. Kodon na 7 ya rage `AG`, ya ari A daga na 8. A haka ta bi layin tana jan harafi ɗaya-ɗaya zuwa hagu:

```
5   6   7   8   9   10  11  12  13  14  15  16  17  18
CCT GGG AGA AGT CTG CCG TTA CTG CCC TGT GGG GCA AGG TGA
Pro Gly Arg Ser Leu Pro Leu Leu Pro Cys Gly Ala Arg STOP
```

Da ta iso na 18 ta duba jadawalin kodon, ta ce, "Malam, ai ya ƙare." Haka ne. `GTG AAC` ne a da, balin da asfarajin. Da karatu ya goce sai `TG` ya haɗu da A suka zama `TGA`. Umarnin tsayawar yana kwance a cikin rubutun tun asali, gocewar ce kawai ta fito da shi fili.

Ku lissafa abin da ya rage. Maimakon amino asid 146, an samu 17. Biyar na farko daidai ne, goma sha biyun da suka biyo babu ko ɗaya da ya dace da na asali. Histidin ɗin da ke riƙe ƙarfen da ke ɗaukar oksijin yana can a matsayi na 92, ba a ko kusa da shi ba. Wannan kwafin ƙwayar gadon, ɗaya daga cikin biyun da mutum ke gada daga uwa da uba, ba ya ba da sarƙar beta ko kaɗan, abin da ake kira beta-sifili talasimiya kenan, kuma an san wannan sauyin a Arewacin Afirka da yankin Bahar Rum.

Ba sa'a ba ce ta sa tsayawar ta zo da wuri. Kodon 3 cikin 64 na tsayawa ne, kusan ɗaya cikin 21. Rubutun da ya goce tamkar haruffan da aka watsa ne, don haka da wuya a yi nisa ba a taka ɗaya ba.

8. Ƙara harafi fa, ɗaya yake da cirewa?

A sakamako kusan ɗaya ne, amma karatun wani ɓangare yake gocewa, saboda haka amino asid ɗin da za su fito daban ne. Akwai sanannen sauyi a Pakistan da Indiya inda G ke shiga tsakanin kodon na 8 da na 9:

```
8   9   10  11  12  13  14  15  16  17  18  19  20  21  22
AAG GTC TGC CGT TAC TGC CCT GTG GGG CAA GGT GAA CGT GGA TGA
Lys Val Cys Arg Tyr Cys Pro Val Gly Gln Gly Glu Arg Gly STOP
```

A nan tsayawar ta zo a na 22. Ku lura `TGA` ɗin da ya tsayar da mu a amsa ta 7 bai fito ba, ya rabu tsakanin `GGT` da `GAA`. Hanyoyin karanta kowane rubutu uku ne: ta daidai, da ta gaba da harafi ɗaya, da ta baya da harafi ɗaya. Cire biyu yana kai ka inda ƙara ɗaya zai kai ka.

9. Ina guntun furotin ɗin yake zuwa? Yana yawo a jini ne?

Yawanci ba a ma haɗa shi da yawa. Ƙwayar halitta tana da hanyar bincikar saƙon mRNA. Ƙwayar gado gutsure-gutsure take, ana ɗinke sassan da ake karantawa, wato ekson, kuma kowane ɗinki yana barin alama. Idan ribosom ya tsaya alhali akwai alamar ɗinki a gabansa da tazarar da ta wuce haruffa 50 zuwa 55, jiki yana ɗaukar saƙon a matsayin gurɓatacce ya rusa shi. Don haka gocewar da ta zo da wuri da kuma `nonsense` na amsa ta 5 galibi wuri ɗaya suke kai mutum: babu furotin daga wannan kwafin. Idan ɗaya kwafin lafiya yake, shi zai ɗauki nauyin, mutum ya rayu da ƙananan ƙwayoyin jini da ɗan ƙarancin jini.

Abin mamaki yana ƙarshen ƙwayar gado. Hankali zai ce gocewa a kusa da ƙarshe ta fi sauƙi, tunda yawancin sarƙar ta tsira, kuma wani lokaci haka ne. Amma `HBB` ekson uku gare ta, kuma a na ukun babu sauran ɗinki a gaba, saƙon yana tsallake binciken. Sai a haɗa gurguwar sarƙa, wani lokaci ma ta fi ta asali tsawo saboda an tsallake wurin tsayawa na gaskiya. Ba ta aiki, ba ta kuma tafi ba, sai ta dunƙule a cikin ƙwayar jini ta lalata ta. Irin wannan kwafi ɗaya ma ya isa ya sa mutum rashin lafiya.

10. Idan haruffa uku suka fita a tare?

Karatu ba ya gocewa. Cire HAR daga jimlarmu, SUN KAI UWA CAN, har yanzu magana ce. Ƙa'idar ita ce a raba yawan haruffan da 3: idan babu saura, layi yana nan, idan akwai saura, ya goce. Cire 4 gocewa ne, cire 300 ba gocewa ba ne.

Sai dai rashin gocewa ba lafiya ba ce. Sauyin da ya fi yawa a cutar sistik faiburosis, wadda ta fi kama Turawa, cire haruffa uku ne daga furotin mai amino asid 1480. Kuma ukun ba kodon guda ba ne:

```
506 507 508 509
ATC ATC TTT GGT   Ile Ile Phe Gly
ATC ATT GGT       Ile Ile Gly
```

`CTT` ne ya fita, C daga kodon na 507, TT daga na 508. Ragowar suka haɗu suka ba da `ATT`, wanda shi ma aisolusin ne. Amino asid ɗaya ya ɓata, amma furotin ya kasa naɗewa daidai, jiki ya rusa shi kafin ya isa wurin aikinsa.

Da wannan lissafin Francis Crick da Sydney Brenner da abokan aikinsu suka nuna a 1961 cewa kodon uku-uku ne. A wata ƙwayar cuta da ke harbin bakteriya, ƙara harafi ɗaya ya kashe ƙwayar gado, ƙara biyu ma haka, amma ƙara uku kusa da juna ya dawo da aikinta. Ƙara ɗaya da cire ɗaya a kusa ma ya gyara, domin ɓarnar ta tsaya tsakanin wuraren biyu.

11. A taƙaice gocewa ta fi musaya muni, ko ba haka ba?

Ga furotin, yawanci e. Ga mutum, ba dole ba, kuma a nan nake saɓa wa yadda ake haddace abin. Idan rukunin jininka O ne, wanda shi ya fi yawa a Najeriya, mai yiwuwa gocewa kake ɗauke da ita har kwafi biyu. Ƙwayar gadon `ABO` da ke kuromosom na 9 tana haɗa enzayim mai liƙa alamar A ko B a jikin ƙwayar jini. A mafi yawan masu O, G guda ya fita a harafi na 261, karatu ya goce, enzayim ɗin bai samu ba. Babu alamar A, babu ta B, mutum kuma yana ɗaukar buhun albasa a Mil 12 ba abin da ya dame shi.

Sikila kuwa musaya ce, mafi ƙanƙantar sauyin da zai yiwu, ga kuma abin da take yi. Tambayoyin da suka fi amfani su ne: jiki zai iya rayuwa babu wannan furotin? Ɗaya kwafin zai wadatar? Sabon furotin ɗin zaman banza yake, ko ɓarna yake yi kamar himoglobin S?

12. Gwajin jinotayif da ake yi kafin aure yana ganin duka biyun?

Ba ya gani, kuma wannan ya taɓa kusan raba wani gida da na sani a Idi-Araba. Gwajin da aka saba yi furotin yake dubawa, ba DNA ba. Ana ɗiga jini a takarda ta musamman, a saki lantarki, kowane himoglobin ya yi tafiya gwargwadon cajinsa. A ya fi nisa. S ya rasa cajin gulutamik asid, sai ya tsaya a baya. C ya rasa wancan ya kuma samu kishiyarsa daga laisin, sai ya fi kowa zama baya. Musayar da ta canza caji tana fitowa ɓaro-ɓaro. Gocewa irin ta amsa ta 7 kuwa ba ta haɗa komai, abin da babu shi kuma ba ya barin layi a takarda. Mai ɗauke da ita A kawai zai nuna, daga lafiyayyen kwafinsa, a rubuta masa AA.

A gidan nan takardar miji AA, ta mata AS, sai ga ɗa an ce SS. Kowa ya san irin maganar da ke biyo bayan wannan. Kawun yaron ya zo mini da takardun uku a cikin leda, ya shimfiɗa su a kan benci, ya ce, "Malam, ka faɗa mini gaskiya." Na ce masa ni ba likita ba ne, amma kada kowa ya buɗe baki kafin a sake gwaji, domin abin da ya fi yawan kawo haka kuskuren ɗakin gwaji ne. Bayan shi kuma akwai wannan: idan uba na ɗauke da kwafin da ba ya ba da beta, yaro ya gaji shi ya kuma gaji S daga uwa, to S kaɗai jikinsa zai haɗa. A takarda kamar SS yake, a rashin lafiya ma kusan haka. Talasimiyar beta ba ta da yawa a Najeriya idan aka kwatanta da S, wanda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da shi, amma akwai ta. Da aka sake wa uban cikakken gwaji, abin da aka samu kenan.

Alamun da likita ke dubawa a jinin uban biyu ne: girman ƙwayoyin jini, `MCV`, ya yi ƙasa, sannan wani nau'in himoglobin da ke jini kaɗan, `HbA2`, ya haura kashi 3.5 cikin ɗari, wanda injin `HPLC` ke aunawa. Ƙarancin sinadarin ƙarfe ma yana rage `MCV`, don haka shi kaɗai ba hujja ba ne. Tabbaci na ƙarshe karanta DNA ne. Masu neman ƙarin bayani a Legas, cibiyar sikila ta ƙasa tana nan Idi-Araba daura da asibitin koyarwa na LUTH.

13. Takardar gwajin DNA ta rubuta 7, littafi ya ce 6. Wanne ne daidai?

Duka. Sabon tsarin rubutu yana ƙirga `ATG` a matsayin na 1, don haka komai ya matsa da ɗaya.

```
c.20A>T    p.Glu7Val
c.19G>A    p.Glu7Lys
c.20del    p.Glu7Glyfs*13
```

Na farko sikila ne: harafi na 20, A ya zama T. Ku ƙirga da kanku, kodon shida kafin shi haruffa 18, G na 19, A na 20. Na biyu C ne. Na uku gocewar amsa ta 7 ce: `del` cirewa, `fs` gocewa, gilaisin ne baƙon amino asid na farko, `*13` kuma yana nufin idan ka fara ƙirga daga shi, na 13 ne tsayawa. Ku koma allon ɗalibar nan ku ƙirga daga `GGG` zuwa `TGA`, za ku samu 13.

14. A jarrabawa, ina aka fi faɗuwa a irin wannan tambayar?

Wuri na farko, gyara a cikin kai. Ɗalibi ya cire harafi amma ya bar tazarar da ke tsakanin kodon yadda take, sai ya samu kodon guda mai haruffa biyu, sauran duk daidai, ya rubuta cewa amino asid ɗaya ne ya canza. Maganinsa a sake rubuta haruffan duka a manne, babu tazara, sannan a ja layi bayan kowane uku tun daga `ATG`, ba daga farkon layin ba idan akwai haruffa kafin shi.

Na biyu, igiyar da aka bayar. DNA igiya biyu ce. Wadda na yi amfani da ita a nan ita ce mai kama da mRNA. Idan aka ba ku kishiyarta, wadda ake kwafa daga gare ta, sikila zai fito a matsayin `CTC` ya koma `CAC`, kuma dole ku juya shi zuwa `GAG` da `GUG` kafin ku buɗe jadawali. Wanda ya duba `CAC` kai tsaye zai rubuta histidin, ya yi asarar makin duka.

Na uku, wuce tsayawa. Na sha ganin takardar da aka rubuta STOP a tsakiya, aka kuma ci gaba da jera amino asid a bayansa har ƙarshen layi. Idan aka tambayi tsawon furotin, kodon tsayawa ba ya cikin lissafi: a amsa ta 7 tsayawa na 18 ne, amino asid 17.